Nau'i 44 a Lekki, 36 a Epe: Nazarin Wata Ƙidayar Tsuntsaye da Aikinta Bai Zo Ɗaya Ba

Tambayar da aikin ya tashi amsawa mai sauƙin faɗa ce: tsakanin biyu daga cikin guntayen dajin da suka rage a Jihar Legas, ɗaya a yankin Lekki, ɗaya kuma a bayan Epe, wanne ya fi yawan nau'o'in tsuntsaye? Amsar tana da nauyi, domin gine-gine suna ta cin fadama da kurmi a kan hanyar Lekki zuwa Epe, kuma ko Cibiyar Kare Halittu ta Lekki, wadda Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya ta kafa a 1990, faɗinta hekta 78 ne kacal. Idan rahoto ya ce wannan daji ya fi wancan albarka, mai yiwuwa ne a kan wannan maganar za a tsaya ranar da za a zaɓi wanda za a bari da wanda za a share. Lamarin da zan bi a nan misali ne na irin aikin da ɗaliban digiri na biyu suke kawo mini domin lissafi, kuma na tsara alƙalumansa yadda mai karatu zai iya bin su da kansa.

Ɗalibar tana zaune ne a Agege, kuma hanyar da ta bi ita ce ƙidaya daga tsayuwa guda. Za ta tsaya a wuri ɗaya da sassafe na minti 10, ta rubuta duk tsuntsun da ta gani ko ta ji a cikin mita 50, sannan ta matsa aƙalla mita 200 kafin tsayuwa ta gaba. Tsarin farko shi ne tsayuwa 30 a kowane daji. A Lekki ta cika 30 ɗin. A Epe kuwa 10 ta samu yi, saboda tsuntsaye suna rage kuka da zarar rana ta ɗaga, wanda ya taso daga Agege kuma cunkoson motoci yakan cinye masa hantsi kafin ya isa, ga ruwan sama da ya malale rabin hanyar cikin dajin. Da ta tattara takardunta, Lekki ta ba da tsuntsaye 600 na nau'i 44, Epe ta ba da tsuntsaye 150 na nau'i 36. A daftarinta na farko ta rubuta cewa Lekki ta fi Epe da nau'i takwas.

Wannan jumla ba ta tsaya a kan komai ba, kuma dalilin yana cikin yadda ake gamuwa da nau'o'i. A kowane daji 'yan nau'o'i kaɗan ne suke da yawa, mafi yawansu kuwa ƙalilan ne. Kurciya da hankaka da balbela za su shiga littafi tun safiyar farko, amma tsuntsun da guda huɗu ne kawai a dukan dajin sai an daɗe ana tsayuwa kafin a ci karo da shi. Saboda haka adadin nau'o'in da aka gani yana hawa ne tare da yawan aikin da aka yi, da sauri a farko, sannan a hankali. Wanda ya ƙidaya tsuntsaye 600 dole ya tara nau'o'i fiye da wanda ya ƙidaya 150, ko da a daji ɗaya suka yi aiki.

Gyaran da ya fara zuwa mata shi ne rabawa: 44 a raba da 30 ya ba da kusan nau'i 1.5 a kowace tsayuwa, 36 a raba da 10 ya ba da 3.6, sai Epe ta koma ta ninka Lekki fiye da sau biyu. Wannan ma kuskure ne, kuma ya fi na farko haɗari domin yana kama da gyara. Rabawa tana ɗaukar cewa tsayuwa ta 30 tana kawo sababbin nau'o'i daidai da ta farko, alhali ta farko kan kawo goma, ta 30 kuwa sau da yawa ba ta kawo ko ɗaya. Duk wurin da aka fi yi wa aiki, rabawa za ta zalunce shi.

Abu na farko da muka zana shi ne layin taruwar nau'o'i. A ƙasan zanen ana sa yawan tsayuwa, a gefensa kuma jimillar nau'o'in da aka gani zuwa wannan lokaci. Idan aka bi tsayuwar a jere yadda aka yi su, layin yana fitowa da gargada, kuma gargadar tana da labari. A na Lekki layin ya kusa kwanciya wajen tsayuwa ta 18, sai ya yi tsalle da nau'i biyar a tsayuwa biyu. Da na tambaye ta abin da ya faru a nan, ta duba littafinta ta ce: "Malam, ranar ce na bar cikin kurmi na koma bakin ruwa." Ashe dajin ba iri ɗaya ba ne, akwai kurmi akwai gaɓar ruwa, kowanne da tsuntsayensa. Irin wannan tsalle yakan kuma bayyana idan aiki ya tsallaka daga damina zuwa watan Oktoba da Nuwamba, lokacin da baƙin tsuntsaye daga Turai suke sauka a Afirka ta Yamma. Shi ya sa nake ganin bai kamata a jefar da layin mai gargada ba, a duba shi tukuna. Bayan haka ne ake cakuɗa jerin tsayuwar sau ɗaruruwa a kwamfuta, a ɗauki matsakaici, sai layi mai santsi ya fito. A zanen mai santsi layin Lekki ya sunkuya sosai a ƙarshensa, na Epe kuwa ya tsaya yana kan hawa, alamar cewa an bar wurin da sauran aiki.

Daga nan sai lissafin rage samfuri, wanda masana ke kira rarifakshan. Howard Sanders ne ya fito da dabarar a 1968 yana kwatanta halittun ƙasan teku, amma lissafinsa yana ɗaga adadi fiye da kima, sai Stuart Hurlbert a 1971 da Daniel Simberloff a 1972 suka gyara shi. Tunanin kuwa kowa zai iya riƙe shi. A ɗauka an rubuta kowane ɗaya daga cikin tsuntsaye 600 na Lekki a kan 'yar takarda, an zuba a ƙwarya, an rufe ido an ɗebo 150 ba tare da mayarwa ba. Nau'i nawa za a samu a hannu? Idan aka maimaita ɗiban sau da yawa aka ɗauki matsakaici, wannan shi ne adadin da ya dace a ajiye kusa da 36 na Epe. Ba sai an yi ɗiban ba, akwai ƙa'idar da ke ba da amsar kai tsaye:

```
E(S_n) = Σ [ 1 − C(N − N_i, n) / C(N, n) ]
```

A nan N shi ne jimillar tsuntsaye, wato 600, n shi ne adadin da ake son ragewa zuwa gare shi, wato 150, N_i kuma yawan tsuntsayen nau'i ɗaya, C kuwa yana nufin yawan hanyoyin da za a iya ɗebo n daga cikin adadin farko da ke cikin bakansa. Abin da ke cikin baka yiwuwar ce ta cewa wannan nau'i zai shigo cikin ɗiban, ana tara ta ga dukan nau'o'i.

Ga yadda tsuntsayen Lekki suka rabu. Nau'i 6 an gan su sau ɗaya tak, su ne zan kira tilo. Nau'i 6 an ga biyu-biyu, nau'i 4 uku-uku, nau'i 8 biyar-biyar, nau'i 10 goma-goma, nau'i 6 ashirin-ashirin, sai manyan huɗu masu 30 da 50 da 80 da 150. Tilo yana da yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu ya shigo, tunda 150 rubu'in 600 ne, don haka su shida tare sun ba da 1.5. Nau'in da yake da biyu zai kuɓuce ne kawai idan duka biyun suka kuɓuce, kuma yiwuwar hakan 0.56 ce, saboda haka yiwuwar shigowarsa 0.44, su shida sun ba da 2.6. Masu uku sun ba da 2.3 cikin 4, masu biyar 6.1 cikin 8, masu goma 9.5 cikin 10, sauran goman kuwa kusan tabbas ne za su shigo dukansu. Jimilla ta zo 32. Wanda yake da manhajar R zai iya tabbatarwa da kansa:

```r
library(vegan)
lekki <- c(rep(1,6), rep(2,6), rep(3,4), rep(5,8),
           rep(10,10), rep(20,6), 30, 50, 80, 150)
rarefy(lekki, sample = 150, se = TRUE)
```

Ke nan a tsuntsaye 150 kowanne, Lekki tana da nau'i 32, Epe tana da 36. Fifikon nau'i takwas da aka ba Lekki ya ɓace, har ma ya karkata zuwa ɗaya gefen. Abin lura shi ne inda asarar ta fito: cikin nau'i 12 da Lekki ta rasa, kusan takwas daga tilo da masu biyu suke. Nau'o'in da ba su da yawa su ne suke ɗauke da dukan rikicin, kuma su ne za su gaya mana abin da ba a gani ba.

A Epe, cikin nau'i 36, goma sha huɗu tilo ne, bakwai masu biyu. Irin wannan yawan tilo shaida ce cewa samfurin bai cika ba. Akwai ma'auni na wannan cika, wanda I. J. Good ya wallafa a 1953 yana jingina tunanin ga Alan Turing: a raba yawan tilo da jimillar tsuntsaye, a cire daga ɗaya. Na Lekki 6 cikin 600 ne, cikar ta zama 0.99. Na Epe 14 cikin 150, cikar ta zama kusan 0.91. Ma'anar tana bukatar kulawa, domin a nan ɗalibai da yawa suke zamewa. Ba a ce an ga kashi 91 cikin ɗari na nau'o'in Epe ba. Abin da aka ce shi ne, kashi 91 cikin ɗari na tsuntsayen dajin suna cikin nau'o'in da aka riga aka rubuta, wato idan ta koma gobe, cikin kowane tsuntsu 11 da za ta gamu da su, kusan ɗaya zai zama sabon nau'i. A Lekki sai ta ƙidaya ɗari kafin ta samu sabo guda.

Wannan ya kai mu ga gyara na biyu, wanda Anne Chao da Lou Jost suka bayyana a 2012. Daidaita yawan tsuntsaye ba ya daidaita cika, domin tsuntsaye 150 suna iya kusan ƙare daji mai ƙarancin nau'o'i, alhali a daji mai albarka ba su kai ko'ina ba, sai kwatancin ya matse bambancin gaskiya. A lamarinmu, Lekki a tsuntsaye 150 tana da cikar 0.93, ta ɗara Epe. Idan ana son a sauko da ita zuwa 0.91 sai an rage ta zuwa tsuntsaye kusan 117, inda take da nau'i 29 da 'yan kai. A cika ɗaya, kwatancin ya zama 29 da 36. Ni a wurina wannan kwatanci ne ya fi adalci, amma ina ba da shawarar a kawo duka biyun a rahoto, domin mai karatu ya fi saurin gane "a tsuntsaye 150" fiye da "a cikar 0.91".

Ɗalibar ta yi wani ƙorafi da ya cancanci amsa. Ta ce: "Malam, yanzu tsuntsaye 450 da na sha wahalarsu a Lekki an zubar ke nan?" Ba a zubar da su ba, domin da dukan 600 aka lissafa yiwuwar kowane nau'i, amma gaskiya ne cewa ragewa zuwa mafi ƙanƙantar samfuri yana takure kwatanci. Mafita ita ce a haɗu a tsakiya: a rage babba, a miƙa ƙarami. Miƙawar tana dogara ne da ƙiyasin da Chao ta fitar a 1984, inda ake ninka yawan tilo da kansa, a raba da ninki biyu na masu biyu, a samu adadin nau'o'in da ba a gani ba. A Epe, 14 sau 14 a raba da 14 ya ba da 14, jimilla 50. A Lekki, 6 sau 6 a raba da 12 ya ba da 3, jimilla 47. Waɗannan adadin ƙasa ne, ba jimillar gaskiya ba, musamman na Epe. Masu wannan hanya sun yi gargaɗi cewa ga yawan nau'o'i kada a miƙa layi fiye da ninki biyu na samfurin da ke hannu, don haka iyakarmu 300 ce. A tsuntsaye 300, Epe da aka miƙa ta ba da kusan 45, Lekki da aka rage ta ba da kusan 39.

```r
library(iNEXT)
# a fara shigar da ƙidayar Epe da sunan epe, kamar yadda aka shigar da lekki
iNEXT(list(Lekki = lekki, Epe = epe), q = 0,
      datatype = "abundance", endpoint = 300)
```

Zuwa nan komai yana nuna Epe, kuma ɗalibar ta so ta juya jumlarta ta farko kawai ta ce Epe ta fi. Abubuwa biyu ne suka hana mu yin haka.

Na farko balbela ce. Nau'in da yake da 150 a Lekki, rubu'in dukan ƙidayar, garken balbela ne da ya sauka a gefen dajin a tsayuwa uku kacal, a Epe kuma ba a rubuta ko ɗaya ba. Lissafin ɗiba daga ƙwarya yana ɗaukar cewa kowane tsuntsu an gamu da shi ne shi kaɗai, ba ruwansa da na kusa da shi, garke kuwa yana karya wannan sharaɗi. A kowane ɗiban 150, kusan gurbi 37 na balbela ne, kuma waɗannan gurabe ne da wasu nau'o'i za su iya cikewa. Da muka cire balbela muka sake lissafi da tsuntsaye 450 na nau'i 43, ragewa zuwa 150 ta ba da 34. Tazarar huɗu ta koma biyu saboda garke ɗaya. Ba ina cewa a riƙa cire duk nau'in da ya dame mu ba ne, abin da nake nufi shi ne a gwada, a ga ko sakamakon ya dogara da shi, a kuma faɗa a rahoto. Hanyar da ta fi dacewa da tsuntsaye masu tafiya garke ita ce a mai da tsayuwa ta zama ma'auni, a rubuta ko nau'i ya bayyana a tsayuwar ko bai bayyana ba, ta yadda balbela 150 za su zama bayyana uku. Sai dai a tuna cewa kwatanta tsayuwa 10 da tsayuwa 10 yana amsa wata tambayar daban, wato nau'i nawa ake samu a fili mai girma ɗaya, kuma wurin da tsuntsaye suka fi cinkoso yakan ci riba a nan. Lekki tana ba da tsuntsaye 20 a tsayuwa, Epe 15. Shi ya sa Nicholas Gotelli da Robert Colwell suka ba da shawara a 2001 cewa idan yawan nau'o'i ake nufi, a mayar da ƙasan zanen zuwa yawan tsuntsaye ko da da tsayuwa aka yi lissafi.

Na biyu tazarar tabbaci ce, wato iyakar kuskuren da adadi zai iya hawa ko sauka a cikinta, kuma a nan akwai tarko. Kuskuren da `rarefy` yake bayarwa yana auna bambancin ɗiba ne daga cikin samfurin da ke hannu kawai, don haka idan aka nemi na Epe a 150 zai ba da sifiri, kamar 36 ba ta da shakka. Amma da wata safiya daban aka je, da wani adadi aka samu. Kuskuren da ya dace da kwatanta dazuzzuka shi ne wanda yake lissafa nau'o'in da ba a gani ba, irin wanda `iNEXT` yake zanawa a matsayin inuwa a gefen layi. A ƙiyasin hannu, na Epe ya kai kusan nau'i 6 sama ko ƙasa, wato daga 30 zuwa 42, kuma 32 da 34 duk suna ciki. Haɗuwar inuwa biyu ba ita kaɗai ce hujjar rashin bambanci ba, amma idan adadin wuri ɗaya ya faɗa tsakiyar inuwar ɗayan haka, babu dalilin da za a yi shelar nasara.

Akwai kuma abin da babu lissafin da zai gyara. Rage samfuri yana daidaita yawan aiki ne, ba irin aikin ba. Tsayuwar Epe goma duka a busasshen ɓangaren dajin aka yi su, tunda ruwa ya tare sauran, alhali na Lekki sun haɗa kurmi da gaɓar ruwa. Miƙa layin Epe zuwa 300 yana hasashen abin da za a samu ne idan aka ci gaba a wannan busasshen ɓangare, bai san da fadamar ba. Haka nan idan an yi wuri ɗaya a Yuli, ɗayan a Disamba, ko ɗaya da ƙarfe bakwai ɗayan da ƙarfe goma, ko kuma kunnen mai ƙidaya ya ƙara gogewa tsakanin farkon aiki da ƙarshensa, layukan za su fito da kyau amma kwatancin gurgu ne. Tilo ma sai an tantance su, domin kukan da aka ji sau ɗaya aka ba shi suna bisa zato yana shiga lissafi a matsayin tilo, kuma tunda ana ninka tilo da kansa, kuskure biyu kawai a Epe zai sauko da nau'o'in da ba a gani ba daga 14 zuwa kusan 10. Na sa ta koma kan tilo goma sha huɗun ɗaya bayan ɗaya, ta raba waɗanda ta gani da ido ko ta naɗi kukansu a waya da waɗanda ta ji kawai. A ƙarshe, adadi ba ya faɗin su wane ne. Nau'i 32 na tsuntsayen gari da nau'i 32 na tsuntsayen kurmi lissafi ɗaya ne a zane, amma ga mai son kare daji ba ɗaya ba ne, don haka jerin sunaye dole ya biyo bayan layukan.

Abin da ya shiga rahoton shi ne cewa bayanan ba su goyi bayan fifikon Lekki ba, cewa a yawan tsuntsaye ɗaya da kuma a cika ɗaya Epe ce a sama, amma tazarar tana cikin iyakar kuskure kuma tana raguwa idan aka cire garken balbela, sannan cewa samfurin Epe bai cika ba, bai kuma taɓa ɓangaren fadama ba. Lissafin ya kuma ba da tsarin aikin da ya rage. Ƙarin tsuntsaye 150 a Epe, wato kusan tsayuwa 10 a kan 15 kowace, zai ɗaga cikar daga 0.91 zuwa kusan 0.97, kuma idan a irin wurin da aka riga aka yi ne, ana sa ran sababbin nau'o'i wajen tara. Idan aka samu ƙasa da haka sosai, sai a zargi tilo na farko. Tsayuwar fadama kuwa za a yi su daban idan ruwa ya janye, a kwatanta su da na gaɓar ruwan Lekki kaɗai, a cikin makonni ɗaya, kuma ɗalibar za ta kwana a Epe domin ta fara da ƙarfe shida da rabi kamar yadda take farawa a Lekki.